Alat miliyan tara, haraji dubu arba'in da biyar: lissafin mai saida kaya a waya

Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji, wadda shugaban ƙasa Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, masu 'yar sana'a a waya a garuruwanmu suka rabu gida biyu. Wasu tsoro ya kama su har sun fara ce wa kwastoma kar ya turo kuɗi ta akawun, wai gwamnati za ta riƙa yankar kaso daga duk alat ɗin da ya shigo, wasu kuma suka ce kai mu da muke ƙauye waye ya san da mu, a Kano ma ba a gama da 'yan Kwari ba balle a zo Ringim ko Gumel neman mai saida atamfa a sitatas. Ni a ganina duka biyun akwai gyara a maganarsu. Haraji dai ba a kan kuɗin da ya shigo akawun ɗinka yake ba, a kan riba yake, amma fa babu wanda zai yi maka wahalar raba ribar da sauran kuɗin, kai ne za ka raba kuma ka nuna shaida, in ba ka da ita to abin da ake iya gani shi za a yi maka hukunci da shi, abin da ake iya gani kuwa shi ne alat.

Ba laifin mutanenmu ba ne in sun ji kalmar haraji gabansu ya faɗi. Iyayenmu sun san harajin da ake bi gida gida da jangalin shanu, wanda ko ka samu ko ba ka samu ba sai ka biya, har sai da Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar jihar Kano bayan ya hau mulki a 1979, lokacin Jigawa ma tana cikin Kano. Wancan a kan kai ake ɗora shi. Wannan da muke magana a kan abin da ka samu ne, kuma yana da lissafi, lissafin ma ba mai wuya ba ne.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Mu ce wata baiwar Allah ce matar aure a wani ƙauye kusa da Ringim, tana saro atamfa da leshi da mayafai a Kantin Kwari, ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp da Facebook, a yi oda, ta ɗaure kaya a ba yaro ya kai tasha, direba ya wuce da su Dutse ko Haɗeja ko Kaduna wani lokacin har Abuja. Ƙarshen shekara ta ciro sitatimen ɗin akawun ɗinta na OPay ko Moniepoint ko ma wanne ne, ta ga jimillar kuɗin da suka shigo naira miliyan 9 da dubu 400. Ita kanta sai ta tsorata, dan ta san ba ta taɓa riƙe ko miliyan biyu nata na kanta ba.

To a cikin wannan miliyan 9.4 ɗin me da me ke ciki? Maigida yana aiki a birni yana turo kuɗin cefane dubu 60 duk wata, dubu 720 kenan a shekara, wannan ba ciniki ba ne. Ta kwashi adashe dubu 500, wanda kuɗinta ne da ta riƙa zubawa ya dawo mata. Gab da sallah yayanta ya ranta mata dubu 400 ta ƙara jari, bashi ne, za ta biya. Akwai dubu 600 da ita ce da kanta ta turo daga ɗaya akawun ɗinta zuwa wannan saboda netwok ya ƙi, kuɗi ɗaya ne ya fito sau biyu. Sai kuma kuɗin mota da kwastomomi ke haɗowa da kuɗin kaya, ita kuma ta miƙa wa direba kamar yadda aka turo, ya kai dubu 380. In ka haɗa waɗannan biyar ɗin miliyan 2 da dubu 600 ne cif, kuma babu ko kwabo na ciniki a ciki. Saura miliyan 6 da dubu 800.

Ba a gama ba. Akwai waɗanda aka kai wa kaya suka ce kalar ba ita ce ta hoto ba, aka dawo da kaya ta mayar musu da kuɗinsu, dubu 150, a cire. Sannan ga ɗaya ɓangaren da mutane ba sa son a faɗa: matan gari da ke shigowa gida su saya su ba da tsabar kuɗi a hannu, wanda bai taɓa bi ta banki ba, ya kai dubu 550 a shekarar. Wannan ciniki ne, dole ya shiga. Littafin da yake cire kuɗin cefane amma ya manta da cinikin hannu ba littafin gaskiya ba ne, kuma yana da saurin tonuwa, dan duk mai ido in ya ga kin saro kayan miliyan shida amma cinikin da kika rubuta bai kai ya cinye su ba, kuma kayan ba sa ɗaki, zai tambaya ina suka tafi. Saboda haka ainihin cinikinta na shekara miliyan 7 da dubu 200 ne.

Yanzu sai uwar kuɗi, wato nawa ta sayi kayan da ta sayar. Nan ne da yawa ke yin kuskure, su ɗauki duk sarin da suka yi a shekara su cire gaba ɗaya. A'a, kayan da suka fita kaɗai ake cire kuɗinsu. Ta shiga shekara da ragowar kaya na dubu 300, a cikin shekara ta yi sarin miliyan 5 da dubu 900, ranar 31 ga Disamba ta ƙirga abin da ya rage a akwati ta samu na dubu 500 a farashin sari. Kenan kayan da suka bar hannunta na miliyan 5 da dubu 700 ne. A ciki kuma akwai turamen da ta ɗauka ta ɗinka wa kanta da yara da sallah, da wanda ta kai gudunmawar bikin ƙanwarta, na dubu 100, waɗannan ba a sayar ba, ci aka yi, dan haka ba za su shiga uwar kuɗin ciniki ba. Ya zama miliyan 5 da dubu 600. A cire daga miliyan 7.2, abin da ya hau kai miliyan 1 da dubu 600.

Wannan ƙirgan kaya na ƙarshen shekara kar a raina shi, aikin yini ɗaya ne amma in aka tsallake shi duk lissafin ya zama kintace. Kuma dama mai fitar da zakkar kayan kasuwa ya saba da irinsa, sai dai ita zakka da tata shekarar da nata farashin, kar a cakuɗa su.

Sai ɗawainiyar sana'a. Ƙa'idar doka ita ce abin da aka kashe dan sana'ar kawai, ba dan gida ba. Kuɗin motar zuwa Kwari da dawowa da 'yan dako dubu 190. Yaron da ke kai kaya tasha dubu 90. Leda da buhu da salatif dubu 50. Cajin banki da na mai POS dubu 30. Cajin waya a shago ranar da babu wuta, wanda a ƙauye kusan kullum ne, dubu 20. Data da kati ta kashe dubu 180, amma tsakani da Allah da wayar nan ake kallon TikTok ana hira da 'yan'uwa, sai ta raba ta ce kashi biyu cikin uku na sana'a ne, dubu 120, kuma ta tsaya a kan wannan rabon duk shekara ba yau kaza gobe kaza ba. Jimla dubu 500. Ita kuma sabuwar wayar da ta saya dan hoto ya fi fita, ba a zuba kuɗinta gaba ɗaya a shekara ɗaya, abu ne mai daɗewa ana mora, doka ta ce a riƙa cire kuɗinsa kaɗan kaɗan a shekaru, na bar ta a gefe dan kar lissafin ya yi nauyi, amma a ajiye rasit ɗinta.

Riba ta zama miliyan 1 da dubu 100. Wannan shi ne abin da ta samu a shekara, ba miliyan tara ba.

A sabuwar doka, dubu 800 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu ko sisi. Abin da ya hau kan haka har zuwa miliyan 3 ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18, haka yake hawa mataki mataki har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya wuce miliyan 50. Kuma kowane kaso a kan matakinsa kawai yake faɗawa, ba wai da ka tsallake dubu 800 sai a ɗauki kashi 15 na duka kuɗin ba. Ita baiwar Allahn nan dubu 300 ne suka haura, kashi 15 ɗinsu dubu 45. A shekara fa. In ka raba wata wata dubu 3 da 750 ne, bai kai ribar turmi biyu masu kyau ba. Da ribarta ta tsaya a dubu 750 da harajinta sifili ne. Da kuma haya take biya ta gidan zama, akwai rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa dubu 500, sai dai mu a nan mafi yawa gidan gado ne ko na kai, ba ya shafar mu sosai. Abu ɗaya da za a kula, in mutum yana da wani samun, misali malamin firamare ne mai albashi yana kuma saida kaya a waya, to haɗa su ake yi, dubu 800 ɗin sau ɗaya ake ba mutum ba kowace sana'a da nata ba.

To yanzu a juya misalin. A ce ba ta da littafi, ba rasit, sai sitatimen kawai. Doka ta ba hukumar haraji dama, in mutum bai kawo bayani ba ko ya kawo wanda bai gamsar ba, ta ƙiyasta masa da kanta gwargwadon abin da ta ga ya dace. Mu ce jami'in ma mai sauƙin kai ne, bai ce duk miliyan 9.4 riba ce ba, ya ce to mu ɗauka kashi 30 ne riba. Miliyan 2 da dubu 820 kenan, a cire dubu 800, a ɗauki kashi 15, haraji ya zama dubu 303. Daga dubu 45. Bambancin nan na sama da dubu 250 ba komai ya jawo shi ba sai rashin littafin da bai fi kuɗin lemo biyu ba a shago, kuma har da kuɗin cefanen maigida da bashin yaya an yi musu haraji.

Shi littafin ba wani abin boko ba ne. Babban littafi irin na 'yan makaranta ya isa, ko waya ga wanda ya iya, amma ni na fi yarda da takarda a ƙauye, dan waya tana faɗawa ruwa ana kuma sace ta ranar kasuwa. Shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita. Kowane layi a sa kwanan wata, wa ya biya, na mene ne, nawa, ta wace hanya, hannu ko taransfa ko mai POS. In kwastoma ta turo dubu 27 alhali atamfar dubu 24 ce dubu 3 na mota ne, a rubuta su daban a layi ɗaya, dan bayan wata takwas babu wanda zai tuna. Bayan littafin a ware shafuka na bashi, wanda ake bin ki da wanda kike bi, dan kayan da aka ɗauka bashi ciniki ne tun ranar da suka fita, in kuma bashin ya mutu da gaske, an bi an bi an gaji, ana iya cire shi a matsayin asara amma sai da shaidar an bi ɗin, saƙonnin da aka riƙa turawa ma shaida ne. Kuma a rubuta ranar da abin ya faru, da daddare kafin a kwanta, wanda ya ce sai ƙarshen wata zai zauna ya tuno to tatsuniya zai rubuta.

Duk ƙarshen wata a ciro sitatimen a bi shi layi layi da littafi. Nan ake gane abubuwa. In littafi ya ce an biya amma babu a sitatimen, ko dai alat ɗin bogi aka nuna maka, ko kuɗin ya maƙale ya koma wa mai shi. In akwai a sitatimen babu a littafi, to akwai cinikin da aka manta ko kuɗin wani ne ya biyo ta nan, a nemo mai shi tun abin yana da ɗumi a rubuta. Alamar littafi ya lalace ita ce ka ga riba mai kyau a takarda amma ranar sari kuɗin ba sa kai abin da aka saro wancan karon, yawanci jarin ne ake ci ta hanyar cefane da anko da biki ba a rubutawa. Ba haramun ba ne mutum ya ci daga sana'arsa, amma a rubuta "na ɗauka" da adadin, kuma a sani wannan ba ɗawainiyar sana'a ba ce, ba ya rage haraji.

Maganar rasit ita ce mai ɗan wuya a wurinmu, dan kasuwancinmu na amana ne, ka je Kwari Alhaji ya ce "Hajiya ai mun saba, wane rasit kuma", ita ma sai ta ji nauyi. A daure a karɓa, shaguna da yawa suna da littafin rasit a durowa, sai an tambaya ake fito da shi. Inda babu, a biya ta taransfa zuwa akawun ɗin shagon, a ɗauki hoton kayan da 'yar takardar da yaron shago ya yi lissafi a kai, a rubuta lambar shago da layin a littafi. Su direba da ɗan dako da ɗan acaɓa babu mai ba ka rasit, wannan layin da ka rubuta a ranar shi ne shaidarka, kuma in adadin ya yi daidai da hankali ya fi babu nesa ba kusa ba. Takardar da injin POS ke fitarwa kuwa kar a dogara da ita, rubutunta gogewa yake, wata uku a cikin zafin Jigawa sai ka ga farar takarda, a ɗauki hotonta a ranar. Haka hirar WhatsApp da aka yi ciniki a ciki, wanda ya kunna saƙo mai ɓacewa da kansa a lambar sana'a yana goge shaidarsa da hannunsa. Ke ma ki riƙa ba kwastoma rasit, ƙaramin littafi mai kabon da lamba a jere, a ɗauki hoto a tura mata, kwafin ya zauna. Doka ta ce a ajiye irin waɗannan takardu shekara shida, dan haka buhun leda mai kyau ko akwatin ƙarfe, nesa da gara da ɗigar damina.

Akwai wata matsala da ta fi yawa a ƙauye fiye da birni, wato amfani da akawun ɗin wani. Mace ba ta da akawun sai ta ba da na mijinta ko na ƙaninta ɗalibi, ko kuma a ba kwastoma lambar mai POS na bakin kasuwa a je a karɓo tsabar kuɗi. A ido yana da sauƙi, amma a takarda cinikin ya zama na mai akawun ɗin, shi za a tambaya, ita kuma ranar da take neman rance ko tallafi aka ce kawo sitatimen na wata shida ba ta da abin nunawa. Gyaran shi ne akawun ɗaya da sunan mai sana'ar, na sana'a kaɗai, cefane da adashe da gudunmawa su bi ta wani daban. Wanda ya yi wannan kaɗai ya rage rabin wahalar da muka sha a sama ta tsince miliyan 2.6 daga cikin 9.4.

Na ga kuma ana ta yaɗa cewa in za ka tura kuɗi ka rubuta "kyauta" a wurin bayani shikenan haraji ba zai taɓa su ba. Wurin bayanin nan ba laya ba ne. Yana da amfani sosai in gaskiya aka rubuta, maigida ya sa "cefane", yaya ya sa "rance", kwastoma ta sa "atamfa 2", dan yana taimaka wa littafi. Amma mutum ɗari biyu daga jihohi goma kowa ya turo dubu 24 ya ce kyauta ce, ai ko yaro ya san ciniki ne. Sannan naira 50 ɗin nan da ake cirewa a taransfar dubu 10 zuwa sama, kuɗin hatimi ne, ba shi ne harajin riba ba, biyansa bai sauke maka komai ba, haka kuɗin tikitin kasuwa da na shago da ƙaramar hukuma ke karɓa, kowanne da gidansa.

Sai rijista, wadda ake yawan cakuɗa abu biyu a cikinta. Akwai rijistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, akwai kuma rijistar haraji. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce wanda ke kasuwanci da ainihin sunansa kawai, ba ƙari, ba dole ne ya yi rijistar suna ba, amma da zarar an laƙa wani suna, irin su wance kolekshan ko wane gulobal, to ana so a yi masa rijista cikin kwana 28 da fara aiki da shi. Amfaninta a fili yake, da satifiket ɗin ake buɗe akawun da sunan sana'a, kwastoman da bai san ka ba ya fi sakin jiki ya tura kuɗi. Abin da masu yi wa mutane rijista a kafe ba sa faɗa shi ne akwai bayanin shekara shekara da ake kai wa CAC, na sunan kasuwanci zuwa 30 ga Yuni, in aka bari tara tana taruwa har a wayi gari an nuna sunan a matsayin wanda ba ya aiki. Kuma wannan bayanin na CAC ba shi ne na haraji ba, hukuma biyu ne daban, wanda ya yi ɗaya bai yi ɗayan ba.

Rijistar sunan kasuwanci ba ta mayar da kai kamfani ba, a idon doka kai da sana'ar mutum ɗaya ne, dan haka harajinka na ɗaiɗaikun mutane ne, kuma jihar da kake zaune ita ke karɓa, ba inda kwastomominka suke ba, ba kuma inda kake sari ba. Baiwar Allahn nan tana sari a Kano tana sayarwa har Abuja amma hukumar tara kuɗin shiga ta Jigawa ce tata, wanda ke Bichi ko Ɗambatta ko Rano kuma ta Kano, KIRS. Hukumar tarayya, wadda da ake kira FIRS yanzu ta koma NRS, ita ke kula da kamfanoni masu Ltd da harajin VAT. Lambar haraji kuwa an sauƙaƙa, ta mutum an ɗaura ta a kan NIN ɗinsa, ta kamfani a kan lambarsa ta CAC, dan haka a tabbatar sunan da ke NIN da na banki da na CAC iri ɗaya ne, dan Muhammad a nan Mohammed a can yana iya tsayar da aiki sati da sati.

Wasu za su ce ai an ce ƙananan kamfanoni harajinsu sifili ne a sabuwar doka, me zai hana ta yi Ltd ta huta. Gaskiya ne akwai wannan sassaucin, amma kamfani ko bai biya komai ba sai ya kai bayanin asusunsa duk shekara cikin wata shida da rufe shekararsa, yawanci sai an ɗauki akanta, kuɗin kamfani kuma ba naka ba ne da za ka zari na cefane yadda ka ga dama, albashin da ka yanka wa kanka ma yana da nasa harajin. Mai biyan dubu 45 a shekara in ta shiga wannan, kuɗin akanta kaɗai zai iya cinye abin da take gudu. A bari sai sana'ar ta girma. Haka VAT, kashi 7.5 ne, amma ba aikin mai cinikin miliyan bakwai ba ne ta karɓa, ko a tsohuwar doka sai ciniki ya kai miliyan 25 a shekara, sabuwar kuma ta ƙara ɗaga iyakar sama, dan haka kar wani ya ruɗe ki ki fara ƙara wa kwastoma kuɗi da sunan VAT alhali ba ki da inda za ki kai shi.

Abin da ya rage a kanta shi ne kai bayanin abin da ta samu. Na shekarar da ta wuce ana kai shi zuwa 31 ga Maris, a ofishin haraji na yanki ko ta shafin hukumar jiha, ciniki kaza, uwar kuɗi kaza, ɗawainiya kaza, riba kaza. Ko lissafi ya nuna sifili ana so a kai, dan rashin biya daban rashin kai bayani daban, kuma tarar da sabuwar doka ta sa wa rashin kai bayani dubu 100 ce a watan farko, dubu 50 kowane wata bayan nan, kun ga watan farko kaɗai ya ninka harajin nata sau biyu har da ɗoriya. Ban ce gobe za a bi ƙauyuka ana yanka wannan tarar ba, hukumomin jiha ba su da ma'aikatan da za su iya haka yanzu, yawanci inda abin ke kama mutum shi ne ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji saboda kwangilar kai kaya makaranta ko takardar fili ko rance, sai a ce ta shekara uku ake nema, a nan ne ake zaunar da shi a ƙiyasta masa na baya gaba ɗaya.

In kuma takardar ƙiyasi ta zo da adadin da bai yi daidai ba, kar a jefa ta ƙarƙashin katifa, kar kuma a tsaya cacar baki da wanda ya kawo. Kwana 30 doka ta bayar daga ranar da aka karɓa a rubuta ƙorafi, a faɗi adadin da aka yarda da shi da dalili, a haɗa da kwafin littafi da sitatimen da rasitai, a kai ofis a sa su buga hatimi a kan kwafinka da kwanan wata, in kwanakin suka wuce ba a ce komai ba adadin ya zauna. Biya kuma ta banki ko shafin hukuma zuwa asusun gwamnati, a karɓi rasit mai lamba da sunan mai biya. Duk wanda ya ce a ba shi a hannu zai rage, ko a tura akawun ɗinsa zai gyara daga ciki, kuɗin ba za su fito a sunanki ba ranar da aka buɗe kwamfuta, kuma bashin yana nan yadda yake.